Gyaran Salon Take da Sakin Layi a Word: Yadda Canji Ɗaya Zai Ratsa Kundi Gaba Ɗaya

A ɗauka ɗalibi ya gama kundin digirinsa na farko, babi biyar, shafi tamanin da 'yan kai. Ya kai wa malamin da ke duba aikin, malam ya buɗe ya ce tazarar layin ta yi faɗi, a rage ta, ƙananan kanun nan kuma a ɗan karkatar da su, sannan taken kowane babi a ƙara masa girma. Abin da akasarin mutane ke yi, har da masu buga takardu a shagunan bakin jami'a, shi ne su koma shafin farko su fara bi ɗaya bayan ɗaya, suna zaɓar rubutu suna danna maɓalli. Yini guda sai ya tafi a haka, kuma duk tsantseninka sai ka tsallake take biyu ko uku, malam kuma idonsa a kansu zai fara sauka.

Word yana da hanyar da wannan aikin ba zai wuce minti biyu ba, muddin an gina kundin a kanta. Ita ce abin da yake kira Styles, mu ce salo. Salo suna ne da aka ɗaura wa tarin umarni: nau'in harafi, girmansa, kaurinsa, tazarar layi, filin da za a bari sama da ƙasa, da gefen da rubutu zai jingina. Kowane sakin layi a Word yana ƙarƙashin salo guda, ko ka zaɓa masa ko ba ka zaɓa ba. In ba ka zaɓa ba, yana ƙarƙashin wanda ake kira Normal. Idan ka gyara umarnin da ke cikin salon, duk sakin layin da ke amsa wannan sunan zai sauya nan take, daga shafin farko har na ƙarshe.

Abu ɗaya ne ke hana wannan aiki, kuma gara a fahimce shi tun yanzu domin shi ne tushen kusan duk matsalar da za a haɗu da ita a gaba. Gyaran da aka yi da hannu, wato ka zaɓi rubutu ka danna B ko ka canza masa girma daga saman allo, ya fi umarnin salo ƙarfi. Salo kamar yunifom ɗin 'yan makaranta ne, gyaran hannu kuma rigar sanyi ce da wani yaro ya ɗora a kai: ko an canza wa makaranta launin yunifom, shi rigar sanyinsa za a ci gaba da gani. Saboda haka aikin kashi biyu ne, a tsara salon, sannan a tuɓe abin da aka ɗora da hannu.

Kafin a taɓa komai

Ka fara ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna ta hanyar Save As, ka yi aikin a kan kwafin. Daga nan ka danna Ctrl+Shift+8, ko alamar ¶ da ke shafin Home. Ɓoyayyun alamomi za su bayyana: ¶ a duk inda aka danna Enter, ɗigo a duk inda aka danna tazara, 'yar kibiya a inda aka danna Tab. Ba sa fita a firinta, kada su dame ka. Da su za ka ga yadda aka gina kundin a zahiri. A kundin da aka buga da hannu za ka tarar da ¶ uku ko huɗu a jere ba rubutu, an yi su don a tura take ƙasa, wani wurin ma har goma sha don a tura sabon babi zuwa sabon shafi.

Sai ka buɗe akwatin salo da Ctrl+Alt+Shift+S. Zai tsaya a gefen dama. Duk inda ka ajiye tsinken rubutu, wato ɗan layin da ke ƙyaftawa a inda rubutu zai shiga, akwatin zai haskaka sunan salon da ke wurin. Gwada a kan taken babi na ɗaya. In ka ga Normal ne ya haskaka, to a wajen Word wannan ba take ba ne, rubutu ne kamar kowane wanda aka yi wa kauri.

Normal: a ba shi kaɗan, a bar shi

Yawancin salon da ke cikin Word a kan Normal aka gina su, kuma suna gadon duk abin da ba a fayyace musu nasu ba. A nan ne mutane da yawa ke shiga matsala da kyakkyawar niyya. Sashe ya ce Times New Roman, girma 12, tazara biyu, layin farko ya shiga ciki, sai mutum ya zuba duka a cikin Normal. Jikin rubutu zai yi kyau, babu shakka. Amma tebura za su ɗauki tazara biyu su kumbura su tsallaka shafi, ƙunshiya za ta miƙe, taken da aka sa a tsakiya kuma zai gaji shigar layin farko ya ɗan goce dama, ka yi ta kallo ka rasa abin da ya same shi.

Ni abin da na fi ganin daidai shi ne a bai wa Normal abin da kowa da kowa a kundin yake buƙata kawai, wato nau'in harafi da girmansa. A akwatin salo ka kai linzami kan Normal, ka danna 'yar kibiyar da ta bayyana, ka zaɓi Modify. A ƙarƙashin Formatting ka sa Times New Roman, 12. Sai ka danna Format a ƙasa ta hagu, ka zaɓi Paragraph, ka mai da Before da After zuwa 0 pt, Line spacing kuma Single. Dalilin wannan shi ne Word yana zuwa da nasa: daga na 2013 zuwa na 2019 Normal yana da Calibri 11, da filin 8 pt bayan kowane sakin layi, da tazarar 1.08. Sababbin na Microsoft 365 kuma da Aptos suke zuwa. Wannan filin na 8 pt shi ne ke sa wasu su ga gibi tsakanin sakin layi su rasa daga ina ya fito.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin dubawa a nan. Ba kowane nau'in harafi ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. In babu su, Word yakan aro su daga wani nau'in, sai ka ga harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fi sauran tsayi ko siranta. Kafin ka tsayar da nau'in da za ka sa wa Normal, rubuta "ƙarƙashin ɗakin ɓaure" da "BABI NA ƊAYA", ka ƙara girman allo, ka duba su da kyau.

Jikin rubutu ya sami nasa salon

Tazara biyu da shigar layin farko da daidaita gefe biyu, duk na jikin rubutu ne, don haka su zauna a salon jikin rubutu. Word yana da shi a shirye, sunansa Body Text, sai dai ba ya nuna shi a jerin da ke Home sai an nemo shi. Ajiye tsinke a cikin sakin layin farko na gabatarwa, danna Ctrl+Shift+S, rubuta Body Text a 'yar tagar da ta fito, ka danna Enter. A wannan tagar akwai Modify, danna shi.

Tagar Modify Style ita ce zuciyar aikin, ya kamata a ɗan tsaya a kanta. A sama akwai Style based on, wanda ke nuna wanda salon yake gado. Bar shi a Normal, domin ta nan ne Times New Roman zai iso masa ba sai ka sake zaɓa ba. Ƙasa da shi akwai Style for following paragraph, wato salon da zai biyo baya in ka danna Enter. Ga Body Text, Body Text ne zai bi.

Danna Format, sannan Paragraph. A Alignment zaɓi Justified. A Special zaɓi First line, ka sa 1.27 cm, wanda shi ne rabin inci in naka Word da inci yake awo. A Line spacing zaɓi Double. After kuwa ya danganta da ƙa'idar sashenku, amma a ganina in akwai shigar layin farko ba a buƙatar ƙarin fili tsakanin sakin layi, sai ka mai da shi 0 pt. Ka guji zaɓin Exactly a tazarar layi in akwai hotuna a cikin kundin. Shi yana ƙayyade tsayin layi ne ba sassauci, hoton da ya faɗa cikin irin wannan layin sai ka ga siririn yankinsa kawai, sauran ya ɓuya.

A ƙasan tagar akwai abu uku da za ka duba kafin OK. Add to the Styles gallery, sa masa alama don salon ya riƙa fitowa a Home. Automatically update, kada ka sa masa. In ka sa, duk ranar da ka yi wa sakin layi ɗaya wani gyara da hannu, Word zai ɗauka umarni ne ga kowa, sai ka ga babi biyar sun koma tsakiya ko sun yi kauri gaba ɗaya. In hakan ta taɓa faruwa da kai, Ctrl+Z zai dawo da su, sannan ka je ka cire alamar. Na uku shi ne zaɓi tsakanin Only in this document da New documents based on this template. Bar shi a na farko.

Taken babi

Yanzu Heading 1. Shi ne na taken babi da sauran manyan sassa irin su Sadaukarwa, Godiya, Tsakure da Manazarta. Buɗe Modify ɗinsa. Za ka lura bai bi Normal ya koma Times New Roman ba, har yanzu shuɗi ne da wani nau'in harafi daban. Ba kuskure ba ne. Nau'in harafinsa da girmansa da launinsa an fayyace masa su a cikin kansa, abin da aka fayyace wa salo kuwa ba ya gadonsa. Don haka ka sa masa da kanka: Times New Roman, 14, B, launi Automatic. A Style for following paragraph zaɓi Body Text, don in ka rubuta take ka danna Enter ka faɗa jikin rubutu kai tsaye.

A Format, Paragraph, ka sa Alignment a Centered, Before 0 pt, After 12 pt, ka tabbata Special yana (none). Sai ka koma ɗaya shafin tagar, Line and Page Breaks. A nan akwai Page break before. Sa masa alama. Daga yanzu duk abin da ya ɗauki Heading 1 a saman sabon shafi zai fara, ko an ƙara shafi uku a babin da ya gabace shi, ko an rage. Ba sauran danna Enter goma sha biyar, wadda da an ƙara jimla ɗaya a sama sai komai ya wargaje.

Ga wani tarko da wannan ke zuwa da shi. Taken babi a kundin jami'a yawanci layi biyu ne:

BABI NA ƊAYA
GABATARWA

In Enter ce tsakaninsu, a wajen Word sakin layi biyu ne, kuma in ka sa wa kowanne Heading 1 kowanne zai nemi sabon shafinsa. Sai ka ga BABI NA ƊAYA shi kaɗai a shafi, GABATARWA a na gaba. Maganin shi ne ka goge ¶ da ke tsakaninsu, ka danna Shift+Enter a wurin. Alamar da za ta fito lanƙwasasshiyar kibiya ce. Tana sauko da rubutu sabon layi amma sakin layin ɗaya ne, don haka take ɗaya ne, shafi ɗaya.

Heading 2 na ƙananan kanu ne, irin su 1.1 Shimfiɗa da 1.2 Manufar Bincike. Times New Roman, 12, B, Automatic, jingine hagu, Before 12 pt, After 6 pt, Body Text ya biyo baya. Heading 3 haka nan, in kundin ya kai can, da ɗan bambancin da zai nuna yana ƙasa da na biyu. A dukansu ka duba Keep with next yana da alama. Word kan zo da ita a sa, kuma aikinta shi ne hana take maƙalewa a gindin shafi alhali bayaninsa ya tsallaka na gaba.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ya fi son gani da ido. Ka sa wa take ɗaya Heading 2, ka gyara shi da hannu har ya yi maka yadda kake so, sannan ka danna maɓallin dama na linzami a kan Heading 2 a jerin salo, ka zaɓi Update Heading 2 to Match Selection. Salon zai kwashe siffar wannan taken ya raba wa sauran. Tana da sauri, amma komai take kwashewa, har abin da ba ka lura da shi ba, don haka bayan ta ka buɗe Modify ka karanta bayanin da ke ƙasan akwatin samfuri ka ga abin da ya shiga.

Raba salo a cikin kundin

Wannan ne kaɗai ɓangaren da ke cin lokaci, kuma sau ɗaya ake yin sa. Fara da kanu. Buɗe View, sa alama a Navigation Pane. Wani akwati zai fito a hagu, babu komai a cikinsa tukuna. Ka bi kundin daga sama: tsinke a cikin taken babi, Ctrl+Alt+1, a cikin ƙaramin take, Ctrl+Alt+2, na ƙasa da shi, Ctrl+Alt+3. Ajiye tsinken kawai ya isa, kada ka zaɓi rabin taken, domin in ka zaɓi wani yanki Word yakan yi wa yankin ado ne kawai ya bar sakin layin a tsohon salonsa. Kowane take da ka sa wa salo zai bayyana a akwatin hagu. In ka gama, karanta jerin daga sama zuwa ƙasa. Idan 2.3 ya bi 2.1, ka tsallake 2.2. Idan kuma ka ga doguwar jimla ta shiga jerin, to wannan taken da bayaninsa Shift+Enter ce ta raba su ba Enter ba, shi ya sa duka suka zama take. Je ka goge lanƙwasasshiyar kibiyar, ka danna Enter ta gaske, ka mai da bayanin Body Text.

Sai jikin rubutu. Zaɓi duk sakin layin da ke tsakanin take da take, ka danna Body Text. Ka gangara zuwa na gaba, ka zaɓa, ka danna F4, wadda ke maimaita abin da ka yi na ƙarshe. Tebura ka tsallake su, su zauna a Normal da tazararsu ɗaya. In ka yi kuskure tebur ya ɗauki Body Text, zaɓe shi ka danna Ctrl+Shift+N ya koma.

Doguwar magana da aka ciro daga wani littafi, ko baitocin waƙa da ake nazari, su ma suna son nasu salon. A gindin akwatin salo akwai maɓallin New Style. Ba shi suna, mu ce Ciro, ka gina shi a kan Normal, ka sa masa Left 1.27 cm, da After 12 pt. Manazarta kuma ka yi musu wani mai suna Manazarta, a Special ka zaɓi Hanging da 1.27 cm, yadda layin farko zai tsaya a bakin gefe sauran su shiga ciki, kamar yadda tsarin APA yake buƙata. Wanda ya taɓa jera manazarta sittin da Tab da tazara ya san abin da wannan ya sauke masa.

Share abin da aka ɗora da hannu

Bayan an raba salo za ka ga wasu wurare sun ƙi bi. Wani take har yanzu girmansa 13, wani sakin layin yana Arial saboda daga intanet aka kwafo shi. Kafin ka yi zargin salon, ajiye tsinke a wurin ka danna Shift+F1. Akwatin Reveal Formatting zai buɗe. Sa alama a Distinguish style source da ke ƙasansa, zai rarrabe maka abin da ya fito daga salo da abin da aka yi da hannu, na biyun a ƙarƙashin Direct Formatting.

Maɓalli biyu ne ke share shi. Ctrl+Q yana mai da tsarin sakin layi, wato tazara da shiga ciki da jingina, zuwa abin da salo ya ce. Ctrl+Space yana yin haka ga haruffan da ka zaɓa: nau'i, girma, kauri, launi. A kan kanu ka yi amfani da duka biyun ba fargaba. A jikin rubutu kuwa Ctrl+Q ba ta cika yin illa ba, amma Ctrl+Space sai da lura, domin ba ta san karkatarwar da aka yi da gangan ba. Sunayen littattafai a manazarta, kalmomin Larabci, misalan da aka karkatar a babin nazarin harshe, duka za ta miƙar da su. Kada ka danna Ctrl+A ka bi da ita. Yi ta a sakin layin da ya ƙi bi kawai, in akwai karkatacciyar kalma a ciki ka mai da mata karkatarta.

Saura fankon layuka. Tun da salo ne yanzu ke ba da fili sama da ƙasan take, ¶ da ba rubutu sun zama ƙari, kuma suna da illar da ba a cika lura da ita ba: Keep with next tana manne take da sakin layin da ke binsa ne, in fanko ne ke binsa, da fankon za ta manne shi, taken ya sake maƙalewa a gindin shafi. Zaɓi daga farkon babi na ɗaya zuwa ƙarshen kundin, ka bar shafin take da na amincewa waɗanda tsarinsu daban ne, ka danna Ctrl+H ka cika haka:

```
Find what:    ^p^p
Replace with: ^p
```

Danna Replace All. In ya tambaye ka ko ya ci gaba da sauran fayil ɗin, ce masa a'a. Maimaita har fankon su ƙare, sannan ka bi ka duba ko wani sakin layin ya ɗauki salon maƙwabcinsa, don hakan kan faru jefi-jefi. Tsofaffin Page Break da aka sa kafin kowane babi su ma ka goge su, in ba haka ba sukan haɗu da Page break before su haifi farin shafi. Amma Section Break kada ka taɓa shi. Sau da yawa shi ne ke riƙe da lambar shafi, inda i, ii, iii na shafukan farko suke komawa 1, 2, 3, kuma in ya tafi lambobin za su cakuɗe.

A koma ga gyaran malam

Abu uku ya nema. Tazarar layi: Body Text, Modify, Format, Paragraph, Line spacing daga Double zuwa 1.5 lines, OK. Jikin rubutun babi biyar ya matse lokaci guda, adadin shafuka ya ragu a gindin allo kana gani, tebura da manazarta ba su motsa ba domin ba a ƙarƙashinsa suke ba, kowane babi kuma yana nan a saman shafinsa. Ƙananan kanu: Heading 2, Modify, danna I, OK. Taken babi: Heading 1, Modify, 14 zuwa 16, OK. In wani take ya ƙi karkata, ka riga ka san dalili, tsinke a cikinsa, zaɓe shi, Ctrl+Space.

Da a ce nau'in harafi malam ya ce a canza, to Normal za ka fara zuwa. Normal zai kai canjin ga Body Text da Ciro da Manazarta da tebura ta hanyar gado, kanun kuwa sai ka duba su, wanda bai bi ba ka shiga ka canza masa.

Ƙunshiya ma ta samu a sauƙaƙe. Ajiye tsinke inda kake son ta, ka shiga References, Table of Contents, ka zaɓi Custom Table of Contents, OK. Word zai tattaro duk abin da ke Heading 1 zuwa 3 da lambar shafinsa. Ba ta sabunta kanta da kanta, don haka bayan gyaran da ya motsa shafuka ka danna cikinta, ka danna F9, ka zaɓi Update entire table. Siffarta kuma ba da hannu ake gyara ta ba, don sabuntawar gaba za ta iya share gyaran. Tana da nata salon, TOC 1 na layukan babi, TOC 2 na ƙananan kanu, su za ka buɗe da Modify. Taken shafin ƙunshiyar kansa, in ba ka son ya fito a cikin jerin, kada ka sa masa Heading 1. Yi masa wani salon a kan Normal mai kama da shi.

Abin da ya rage shi ne kiyaye kundin daga sabon datti. Duk rubutun da za ka kwafo daga intanet ko daga wani fayil, danna maɓallin dama ka zaɓi Keep Text Only, zai shigo tsirararsa ya ɗauki salon wurin da ya sauka. Wanda aka kwafo daga PDF yakan zo da ¶ a ƙarshen kowane layi, sai kowane layi ya zama sakin layi mai shigarsa, dole ka haɗe su.

Wanda ba Word yake amfani da shi ba, tsarin ɗaya ne, ƙofofin ne suka bambanta. A LibreOffice Writer, F11 ke buɗe jerin salo, Ctrl+1 ke sa Heading 1, Ctrl+M ke share gyaran hannu. Google Docs ba shi da tagar Modify. Sai dai ka gyara take ɗaya da hannu, ka shiga Format, Paragraph styles, Heading 1, ka zaɓi Update 'Heading 1' to match.

Mai shagon da ke buga wa ɗaliban sashe ɗaya kundi duk shekara bai kamata ya riƙa maimaita wannan tsarin ba. Ya ɗauki kundin da aka gama tsarawa, ya yi kwafinsa, ya goge rubutun, ya ajiye shi ta Save As a matsayin Word Template, mai ƙarewa da .dotx, da sunan sashen. Danna shi sau biyu zai buɗe sabon fayil da duk salon a shirye. Wannan ya fi zaɓin New documents based on this template da muka tsallake ɗazu, domin a fayil na yau da kullum shi wancan yana rubuta canjin ne a cikin Normal.dotm, tushen duk sabon fayil a wannan kwamfutar, sai wasiƙar neman aiki da takardar gayyatar da za a buga wa wani gobe su ma su fito da tsarin kundin digiri.